Littafina da banki sun saɓa: ta ina zan gano inda kuɗin suka maƙale?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Jidda, kuma ina rubuta duk abin da na kashe a wani ɗan littafi. Ƙarshen watan nan littafin ya nuna saura riyal 1,690, banki kuma ya nuna 1,213.85. Na duba sau uku ban ga inda riyal 476.15 suka shige ba. Ni ne na yi kuskure, ko banki ke cire min kuɗi ban sani ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko, ka daina neman layin da aka rubuta 476.15, domin da wuya a ce akwai shi. Aikina ke nan, riƙe wa ƙananan shaguna littattafan kuɗi a nan Jidda, kuma abin da na saba gani shi ne giɓin ƙarshen wata ragowar kurakurai ne da yawa, wasu sun ja sama, wasu sun ja ƙasa, suka cinye juna, abin da ya saura shi ne lambar da ke ɗaga maka hankali. Wanda ya zauna yana karanta littafi daga sama zuwa ƙasa yana jiran lambar ta faɗo masa a ido zai iya kwana yana yi. Hanyar da ke aiki ita ce a haɗa kowane layi na banki da ɗan'uwansa na littafi, ɗaya bayan ɗaya, sannan a zauna da waɗanda suka rasa abokin tafiya.

Kafin ka ɗauki biro

Ka fitar da kashfin asusu na gaske, wato takardar da manhajar bankinka ke bayarwa idan ka zaɓi ranar farawa da ranar ƙarewa. Saƙonnin waya ba su isa ba. Wani saƙon ba ya zuwa, wani ka goge shi, kuma cajin hawala sau da yawa ba ya samun saƙo nasa na daban. Idan da hali ka buga takardar a shagon kwafi, saboda za ka yi ta zane a kanta. In da Larabci ta fito, ginshiƙin da aka rubuta مدين kuɗin da suka fita ne, دائن waɗanda suka shigo, الرصيد kuma abin da ya rage bayan kowane layi. Wannan ginshiƙin na ƙarshe zai yi maka amfani fiye da yadda kake zato, za mu dawo kansa.

Sai ka tabbatar kwanakin da littafi ya ɗauka su ne kwanakin da kashfi ya ɗauka. Da yawa daga cikinmu, musamman dattawan Makka da Madina, da watan Musulunci suke rubutu, alhali kashfin banki galibi da watan Bature yake zuwa. Wanda ya rufe littafinsa ranar 29 ga Rajab ya kwatanta shi da kashfin da ya ƙare ranar 31 ga wata, abubuwa biyu daban ya kwatanta. Wasu kuma watansu daga albashi zuwa albashi ne. Babu laifi, manhajar tana barinka ka zaɓi ranakun da kake so, ka dai sa su zo daidai.

Bayan nan ka duba abin da kowannensu ya fara da shi. Wannan ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa. Idan ranar ɗaya ga wata littafi ya buɗe da riyal 900, banki ya buɗe da 700, to riyal 200 na giɓinka ba na wannan watan ba ne, gadonsu ka yi daga baya, kuma ko ka shekara kana tonon watan nan ba za ka same su ba. Sai ka koma baya wata-wata har ka kai watan da suka buɗe da lamba ɗaya, daga can aikin zai fara. In kuma ba su taɓa daidaita ba tun da ka sayi littafin, kada ka wahalar da kanka: ɗauki abin da banki ya buɗe da shi a farkon watan nan, ka mai da shi mafarin littafinka, ka binciki wata ɗaya tak.

Kuɗin aljihu da kuɗin banki ba sa zama a shafi ɗaya

A nan mafi yawan littattafan gida ke lalacewa. Banki bai san ful da tamis ɗin da ka saya da safe da riyal biyar na hannu ba, bai san kuɗin aski ba, bai san sadakar da ka miƙa a ƙofar masallaci ba. Abin da ya sani shi ne ranar kaza ka je sarrafa, wato na'urar ATM, ka ciri riyal 500. Idan ka rubuta 500 ɗin a matsayin kashewa, sannan ka bi ka rubuta burodi da tasi da shayi da ka saya daga cikinsu, ka cire kuɗi ɗaya sau biyu, littafi zai nuna ƙasa da abin da ke banki. Idan kuma ba ka rubuta cirewar ba, ƙananan abubuwan kawai kake rubutawa, to duk abin da ke aljihunka yanzu da duk wanda ka manta ba ka rubuta ba zai fito a matsayin giɓi, littafi ya nuna sama da banki. Irin wannan na biyun ya yi kama da halin da kake ciki, shi ya sa nake so ka fara da shi. Ƙirga kuɗin da ke aljihunka da na cikin mota da wanda ka ba uwargida na cefane bai ƙare ba. Wataƙila rabin abin da kake nema yana nan.

Gyaran shi ne ka bi littafin da biro mai wani launi, kowane layi ka sa masa harafi: B idan ta kati ko hawala ya fita, H idan na hannu ne. Layukan B kaɗai ake kwatantawa da kashfi. Cire kuɗi a sarrafa layin B ne, domin daga banki ya fita, kuma a lokaci guda shi ne "shiga" a shafin kuɗin hannu. Shafin hannun kuwa da aljihunka ake daidaita shi, ba da banki ba. Haka ma walat ɗin waya irin su urpay: ranar da ka zuba masa riyal 200 daga katinka, wannan layin kaɗai banki zai nuna, abin da ka saya daga ciki yana can cikin tarihin walat ɗin. Akwai kuma manyan kantunan da ke ba ka tsabar kuɗi a kan sayayya idan ka biya da katin banki na mada. Ka yi cefanen 120, ka karɓi 100 a hannu, kashfi ya nuna 220, kai kuma 120 ka rubuta.

Wani abu da ya shafe mu musamman: amana. Ɗan'uwa ya ce a turo masa kuɗi ta asusunka, ko alhajin garinku ya zo Umara ya ba ka ajiya. Kuɗin sun shiga banki, amma ba ka rubuta su ba domin ba naka ba ne, ranar da ka ciro ka ba shi ma ba ka rubuta ba. In shiga da fitar sun faɗa wata ɗaya, sun share juna. In sun raba wata, sun bar maka giɓi a watanni biyu. Ka buɗe wa amana shafinta. Ni dai shawarata a rage wannan ɗabi'ar, domin bankunan ƙasar nan suna tambaya idan kuɗin da ke ratsa asusun ma'aikaci suka zarce albashinsa nesa ba kusa ba.

Yadda ake bin layuka

Ka fara daga kashfi, ba daga littafi ba. Dalili shi ne kashfi ba ya mantuwa, littafi kuwa yana yi. Ɗauki layin farko na kashfi, nemo shi a littafi, in lambar ta yi daidai har halala ka sa alamar maki a duka biyun. In ka ga abin da ya yi kama amma lambar ta bambanta, kada ka sa maki, ka sa alamar tambaya a duka biyun. In babu shi sam, ka zagaye shi. Kada ka tsaya gyara komai a wannan zagayen, ka dai bi har ƙasa. Idan ka gama, ka koma littafi ka zagaye duk layin B da bai samu maki ba. Yanzu kana da tari uku: abin da banki ya sani littafi bai sani ba, abin da littafi ya sani banki bai sani ba, da waɗanda suka san juna amma suka saɓa a lamba. Giɓinka gaba ɗaya yana cikin tarin nan uku, sai fa in kuskuren a haɗa lissafi yake, shi ya sa za ka sake tara shafin da kalkuleta daga ƙasa zuwa sama, ka kuma duba lambar da ka kwaso daga ƙasan wani shafi zuwa saman na gaba.

Abubuwa biyu za su ruɗa ka a wajen haɗawa. Na ɗaya suna. Kai ka rubuta "baƙalar Bangali" ko "wajen mai kaza", amma na'urar shabakar shagon, wadda ake ɗora wa kati, da sunan mu'assasar da aka yi wa rajista take, sau da yawa sunan mai lasisin ne, wanda bai yi kama da allon da ke ƙofar shagon ba. Saboda haka da adadin kuɗi da rana ake haɗawa, suna shaida ce ta uku. Na biyu rana. Jidda gari ne na dare, balle a azumi. Abin da ka saya ƙarfe ɗaya na dare kai a wurinka daren Talata ne, a wurin banki Laraba ta riga ta shiga. Wasu sayayyun kuma, musamman na intanet da na katin bashi, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku suke zama a kashfi, kuma hutun Juma'a da Asabar yana iya ƙara jan su. Ka ba kowane layi sararin kwana biyu ko uku gaba da baya kafin ka yanke cewa babu shi.

Idan kana da layuka iri ɗaya da yawa, misali man fetur na riyal 50 sau shida, ƙirga su za ka yi a kowane ɓangare. Ido yana saurin ba layi ɗaya na littafi maki biyu.

Misali daga wani littafi da aka kawo min

Wani direban kamfani, mutum mai tsantseni wanda har halala yake rubutawa, ya kawo min littafinsa na watan Oktoba. Ya buɗe wata da riyal 820, banki ma haka, albashin 3,500 ya shigo, jimla 4,320. Layukan B da ya rubuta su ne hayar ɗaki 1,200, cirewa a sarrafa 500, cefanen babban kanti 136.40, kuɗin wuta ta SADAD 143.75, aike gida Kano 800, wani layi da sunan abokinsa 75, kantin magani 62.50, fetur 70, sai takalmin yaro 95 a daren 31 ga wata. Littafi ya rufe da 1,237.35. Banki ya rufe da 1,074.45. Giɓi riyal 162.90, kuma ya riga ya gaji da neman abin da ya saya na 162.90.

Da muka bi kashfi, haya da cirewar 500 da wuta da aiken 800 da fetur duk suka samu maki nan take. Layuka huɗu aka zagaye. Akwai riyal 1.15 a ƙarƙashin hawalar haya, da 17.25 a ƙarƙashin aiken gida. Waɗannan caji ne: riyal 1 da riyal 15, kowanne an ɗora masa dariba, wato harajin VAT, ta kashi 15 cikin ɗari, wadda ƙasar nan ke karɓa tun 1 ga Yulin 2020. Akwai cirewar riyal 300 a sarrafa ranar 22, wadda da ya ga ranar ya tuna gyaran taya ne da ya biya a hannu, bai rubuta ba saboda yana jiran kamfani ya mayar masa. Sai kantin magani, 62.50, wanda ya fito sau biyu a rana ɗaya, minti ɗaya tsakani. Ya ce a ranar mai kantin ya ce masa shabaka ba ta karɓa ba, ya sake ɗora katin.

Alamar tambaya ta hau layuka biyu. Cefanen da ya rubuta 136.40, banki ya ce 163.40. Fatura tana cikin mota, aka ɗauko, banki ne da gaskiya, ya juya shida da uku ne wajen kwafa, bambanci 27. Layin abokin nan kuma, 75, a kashfi yana ginshiƙin shiga. Bashi ne abokin ya biya shi, shi kuma hannu ya saba, ya jera shi cikin abin da ya fita. Lura da wannan da kyau: kuskuren ba 75 ba ne, 150 ne, domin ya cire 75 a inda ya kamata ya ƙara 75. A ɓangaren littafi layi ɗaya ne ya rage ba maki, takalmin 95, wanda bai zauna a kashfi ba sai cikin Nuwamba.

Yanzu sai daidaitawa, kuma a nan ne ake bambance abin da za a gyara a littafi da abin da ba za a taɓa ba. Caji, cirewar da aka manta, lambar da aka juya da layin da aka sa a gurbin da ba nasa ba, duk laifin littafi ne, a littafi za a gyara. Daga 1,237.35 a cire 18.40 na caji biyu, a cire 300, a cire 27, a ƙara 150, ya zama 1,041.95. Takalmi da maganin da aka cira sau biyu kuwa littafi bai yi laifi ba. Takalmin an saya da gaske, banki ne bai kai ga rubutawa ba, maganin kuma sau ɗaya aka saya. Waɗannan a gefen lambar banki ake lissafa su, a wata takarda: daga 1,074.45 a cire 95 da ke kan hanyar fita, a ƙara 62.50 da ake jiran dawowarsu, ya zama 1,041.95. Lambobin biyu sun haɗu, kuma wannan ce ainihin abin da ya mallaka, ba wadda littafi ya faɗa da farko ba, ba kuma wadda banki ya faɗa ba.

Ka ga giɓin da ya gani 162.90 ne, amma idan ka tara abubuwan da suka saɓa ba tare da kula da wanne ya ja sama wanne ya ja ƙasa ba, riyal 652.90 ne. Da ya yi abin da mutane da yawa ke yi, ya rubuta "sauran kashe-kashe 162.90" don littafi ya yi daidai, da ya yafe 62.50 da yake bin kantin magani, da kuma ya manta 300 da yake bin kamfani.

Abin da lambar giɓi ke iya faɗa

Masu aikin lissafi suna da 'yan dabaru na karanta giɓi, kuma suna aiki, amma da sharaɗi. Idan an juya lambobi biyu, bambancin kullum yana rabuwa da tara ba saura: 163 da 136 sun ba da 27, 52 da 25 ma 27, 910 da 190 sun ba da 720. Haka idan sifili ya ƙaru ko ya faɗi, 450 ta zama 45, bambanci 405, shi ma tara na raba shi. Idan an sa layi a ginshiƙin da ba nasa ba, giɓin ninki biyu ne na layin, sai ka raba shi biyu ka nemi wannan adadin. Idan giɓin 10 ne cif ko 100 ko 1,000, yawanci wajen tarawa ne aka yi tuntuɓe.

Sharaɗin shi ne, dabarun nan na kuskure ɗaya ne. Sai ka gama bin layuka, ka cire duk abin da ka gano, sannan ka gwada su a kan ragowar. Direban nan wani ya taɓa gaya masa zancen tara, ya gwada 162.90, ta rabu daidai, 18.10, sai ya tabbatar wa kansa lamba ɗaya ya juya, ya yi ta nemanta. Katari ne kawai. Cikin kowace lamba tara, ɗaya za ta rabu da tara ko babu dalili.

Taka lambar, 476.15, abin da ya ja idona a cikinta wutsiyar ce. Idan kai mai rubuta riyal cif-cif ne, kamar yadda 1,690 ke nunawa, halala 15 ɗin nan ta yi kama da cajin riyal ɗaya da daribarsa, wato 1.15, saura 475. Cajin banki yakan bar irin wannan sawun: riyal 5 ya zama 5.75, 10 ya zama 11.50, 15 ya zama 17.25. Amma zato ne, ban ga kashfinka ba, kuma halalolin da kake zubarwa a kowane cefane su ma suna taruwa su ba da kowace irin wutsiya. Wanda ya yi sayayya arba'in da kati a wata, yana yar da halalar kowacce, zai iya samun giɓin kusan riyal 20 ba tare da ya manta ko layi ɗaya ba. In za ka ci gaba da cike lamba, ka riƙa kai 62.50 zuwa 63 kana mai da 62.40 zuwa 62, su riƙa share juna. Na fi son a rubuta halalar a layukan B, ba ta da wahala tunda saƙon yana hannunka. Sauran 475 ɗin kuwa, wuraren da zan fara leƙawa su ne cirewar sarrafa, kuɗin da aka zuba a walat, tarar hanya da aka biya ta SADAD, da biyan wata-wata da ke fita da kansa, kamar na manhajar waya ko kason sayayyar da aka raba biya.

Akwai wani tuntuɓen na waɗanda suka yi boko a gida suka zo nan da girmansu. Faturar wasu shaguna da lambobin Larabci take fitowa, kuma ٥ biyar ce ko da ta yi kama da sifili, ٦ shida ce ko da ta yi kama da bakwai, sifili kuwa ɗigo ne da ke iya ɓacewa a takardar da zafin mota ya kodar. ٢ da ٣ ma haƙori ɗaya ne ya raba su. Idan ka ga bambancin riyal 1 ko 10 ko 100 tsakanin layi da layi, ka duba ko shida ce ta zama bakwai.

Idan watan yana da layuka da yawa kuma kana rubuta ragowa a littafinka kullum, ginshiƙin الرصيد zai rage maka aiki. Duba ranar 15: nawa ne bambancin littafi da banki a ranar? In babu, matsalar tana rabin wata na biyu, sai ka duba ranar 23. In akwai, ka koma ranar 8. Kowace dubawa tana yanke rabin kwanakin da suka rage, cikin dubawa biyar ka isa ranar da suka fara rabuwa. Ka rubuta bambancin kowace ranar da ka duba, domin duk inda ya canza, wani sabon kuskure ne ya shigo tsakani.

Idan laifin ba na littafi ba ne

Kan tambayarka ko banki ke cirewa: a abin da na gani, banki ya yi kuskuren tarawa abu ne mai wuyar gaske. Abin da ke faruwa a ɓangarensa iri uku ne. Akwai cirewa sau biyu a shabaka, kamar na maganin nan. Akwai sarrafar da ta rubuta ta ba ka kuɗi alhali ba ta fitar ba, ko ta fitar da ƙasa da haka. Akwai kuma kuɗin da aka riƙe, kamar ajiyar da otal ko kamfanin hayar mota ke kamawa a kati. Wannan na ukun ba cirewa ba ce, shi ya sa lambar da manhaja ke nunawa a matsayin الرصيد المتاح kan yi ƙasa da ta kashfi har sai an sake su. Ka tabbatar 1,213.85 ɗin da ka faɗa daga ƙasan kashfi ka ɗauko ta, ba daga fuskar manhaja a wata rana daban ba. Sayayya da kuɗin waje ma takan zo sama da lissafinka. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, don haka abin dala 20 riyal 75 ne, amma banki yana ɗora kasonsa na canji, sai ka ga ya ɗan haura 75. Wannan caji ne, a littafi za ka ƙara shi.

Cirewa sau biyu da ta sarrafa sukan dawo da kansu cikin 'yan kwanaki, saboda haka ka fara duba kwanakin da suka biyo baya ko akwai layin shiga mai adadin daidai. In babu, ka shigar da ƙorafi ta manhajar bankin ko ta lambar wayar da ke bayan katinka, ka ba da rana da lokaci da adadi, ka haɗa da hoton fatura da 'yar takardar shabaka in kana da ita, ka karɓi lambar ƙorafin ka rubuta ta a littafin, a gefen layin. Kada ka bari ya kwana biyu, domin ƙorafin kati yana da wa'adi. Idan banki ya yi shiru ko amsarsa ba ta gamsar da kai ba, Babban Bankin Saudiyya yana karɓar ƙorafin abokan hulɗar bankuna, kuma lambar ƙorafin farko za su tambaye ka. Layin da ba ka san shi ba sam, bayan ka tambayi mutanen gida ko wani ya ɗauki katin, ko yaro ya sayi wani abu a wasan waya, wannan ba a jiran ƙarshen bincike: ka dakatar da katin a manhaja a ranar, sannan ka kira banki da kanka. Wanda ya kira ka yana neman lambar sirrin da aka turo maka don "ya mayar maka da kuɗi" ɓarawo ne.

Wajen gyara littafin, kada ka goge kuma kada ka shafa farin ruwa. Ja layi ɗaya a kan lambar da ba daidai ba yadda za a iya karanta ta, ka rubuta ta daidai a sama. Waɗanda aka manta ka rubuta su a ƙarshen watan, kowanne da ainihin ranarsa. In bayan duk wannan 'yan riyal sun ƙi fitowa, ka rubuta su da sunansu, "ba a gano ba", da adadin, kada ka cusa su cikin cefane. Riyal uku ko biyar ban ga amfanin kwana a kansu ba, amma in adadi ɗaya ya sake fitowa a wata na gaba, to wani caji ne ke maimaituwa, a nan ya cancanci a bi shi.

Abubuwan da ka lissafa a gefen banki kuma ka kwashe su zuwa saman shafin sabon wata, domin su za ka fara nema a kashfi na gaba. A littafin direban nan layi biyu ne: takalmin 95, wanda zai fito a kashfin Nuwamba amma ba za a sake rubuta shi cikin kashe-kashen Nuwamba ba, da 62.50 na magani, wanda idan ya dawo ba sabon kuɗi ba ne da za a ƙara a shiga, maki kawai za a sa masa a rufe ƙorafin.